Toksoplasma, Juna Biyu da Raunin Garkuwar Jiki: Amsoshin Likita

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da ciki wata biyu, kuma muna da kyanwa a gida. Wata ƙawata ta ce in rabu da ita domin tana kawo cutar da ke lalata jariri. Gaskiya ne? Daga wata mai juna biyu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya raba lafiya. Ƙawar taki tana nufin toksoplasma, wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, wadda aka fara ganowa a shekarar 1908 a Tunis cikin jikin wata ƙaramar dabbar daji mai kama da ɓera. Gaskiya ne cewa a hanjin kyanwa da danginta kaɗai wannan ƙwaya take hayayyafa har ta fitar da ƙwayayenta cikin kashi, amma ba kowace kyanwa ce ke fitar da su ba, kuma ba kullum ba. Kyanwa takan kamu ne idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama, sai ta yi mako 1 zuwa 3 tana zubar da ƙwayayen, bayan haka yawanci sai ta daina. Ƙwayayen kuma ba sa iya kama mutum a ranar da suka fito, sai sun kwana 1 zuwa 5 sun nuna tukuna.

Saboda haka shafa kyanwa ba shi ne babban abin tsoro ba, ƙasar da ta binne kashinta a ciki ita ce abin kiyayewa, domin a wuri mai laima da inuwa ƙwayayen kan rayu watanni, har fiye da shekara. Ki duba tsakar gidanki: tulin yashin da aka sauke don gini wanda yara ke wasa a kai, gindin bishiya, da ɗan lambun da ke bayan ɗaki, waɗannan su ne wuraren da kyanwa ke so. Ki bar wa wani aikin kwashe kashinta, ya riƙa yi kowace rana kafin ƙwayayen su nuna. Idan kin yi shara ko kin taɓa ƙasa, ki wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ki kai wani abu baki. Kada a ba kyanwar ɗanyen nama, kuma kada ki ɗauko sabon ɗan kyanwa daga waje har sai kin haihu, domin ƙanana su suka fi zubar da ƙwayayen. Idan kika kiyaye waɗannan, ban ga dalilin korar tsohuwar kyanwarki ba.

Tambaya: Likita, matata tana da ciki, kwaɗayin tsire da balangu ya dame ta, wani lokaci kuma ina kama ta tana cin farar ƙasa. Akwai haɗari? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, akwai, kuma wannan hanya ta fi damuna fiye da ta kyanwa. Tumaki da awaki suna haɗiye ƙwayayen a wurin kiwo, sai cutar ta kwanta a cikin tsokarsu cikin 'yan ƙananan ƙunsoshi da mahauci ba zai gani ba, dabbar kuma tana nan da ƙibarta da lafiyarta. Naman tunkiya da na akuya sun fi na saniya ɗaukar wannan ƙwaya. Abin da ke kashe ta shi ne zafi ya ratsa har tsakiyar tsoka, ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, wato ka yanka ka ga babu sauran ja, ruwan da ke fita kuma ba mai jini-jini ba ne. Gishiri da yaji da ƙuli-ƙuli ba sa kashe ta. Tsire mai siririn yanka da ya gasu sosai ba shi da laifi, amma balangu mai kauri wanda wuta ta ƙone bayansa alhali cikinsa na ja, shi ne abin guje wa, kuma ba kunya ba ce ka ce wa mai nama ya ƙara mayar da shi kan wuta.

Akwai kuma abin da ake mantawa da shi a madafi. Wuƙar da aka yanka ɗanyen nama da ita, ita ake juyawa a yanka albasa da tumatir da latas, waɗanda ba za su ga wuta ba. Lokacin layya mata kan wuni hannunsu cikin ɗanyen nama, suna yi suna jefa wani abu a baki, ko su ɗanɗana romo tun bai tafasa ba. Naman sallah da aka soya ya soyu ba shi da matsala, wajen aikinsa ne ake kamuwa. A wanke wuƙa da faranti da hannu da sabulu, a wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta, a tafasa nonon akuya kafin a sha.

Farar ƙasa kuwa ta daina, domin ba ka san inda aka haƙo ta ko aka shanya ta ba. Ka kai ta awo a duba jininta, saboda sau da yawa kwaɗayin ƙasa alama ce ta ƙarancin jini, kuma idan aka gyara shi kwaɗayin kan ragu.

Tambaya: Likita, cikina yana mako 11. An yi mini gwajin toksoplasma, takardar ta nuna IgG da IgM duk akwai su. Na taɓa yin ɓari sau biyu. Ban iya barci, shin jaririna ya kamu ke nan? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, wannan takarda ita kaɗai ba ta yanke hukunci ba. Haɗarin jariri yana tasowa ne idan uwa ta kamu da cutar a karo na farko tana da ciki, ko dab da ɗaukar cikin. Macen da ta kamu shekarun baya, matuƙar garkuwar jikinta na da ƙarfi, jikinta ya riga ya san ƙwayar kuma yana tare ta kafin ta kai ga mahaifa. Don haka tambayar da muke son amsawa ita ce yaushe kika kamu. Yawancin masu kamuwa ba sa jin komai, wasu kuma sukan ga kaluluwa a wuya da ɗan zazzaɓi da kasala su ɗauka mura ce, shi ya sa muke dogara da gwaji.

IgG da IgM sinadaran garkuwa ne da jiki ke fitarwa don yaƙar ƙwayar. IgG shaida ce cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ita, kuma yana zama a jini har ƙarshen rayuwa. IgM yana fitowa ne da farkon kamuwa, amma yana da wata ɗabi'a da ke tayar wa mata da yawa hankali a banza: yakan daɗe a jini watanni, wani lokaci fiye da shekara, wani lokacin ma gwajin ne ya yi kuskure. Abin da ya kamata a yi miki yanzu abu biyu ne. A sake ɗibar jini bayan mako 2 zuwa 3 a ɗakin gwaji guda, a ga ko IgG yana hawa ko yana nan daram. Sannan a nemi gwajin da ke auna ƙarfin riƙon IgG, wanda za ki ga an rubuta IgG avidity a takarda. Idan ya fito da ƙarfi, yana nufin kin kamu aƙalla wata 3 zuwa 4 da suka wuce, kuma da yake cikinki bai kai wata 3 ba, kamuwar ta riga cikin ke nan, haɗarin kuma ya yi ƙasa ƙwarai. Wannan ne ya sa nake roƙonki kada ki jinkirta, domin idan ciki ya tsufa gwajin ba zai iya raba gardama haka ba.

Idan kuwa ya tabbata sabuwar kamuwa ce, a watanni ukun farko mafi yawan jarirai suna tsira ba tare da cutar ta ratsa zuwa gare su ba, sai dai wanda ta kama a lokacin takan yi masa illa mai tsanani, kamar ɓari, taruwar ruwa a kai, da tabo a ƙwaƙwalwa da bayan ido. A watannin ƙarshe abin yana juyewa, ta fi saurin ratsawa amma illarta ta fi sauƙi, har jariri ya fito kamar lafiya lau sai bayan shekaru ciwon ido ya bayyana. Likitan mata zai fara ba ki wani magani mai suna sifiramaisin, giram 1 sau uku a rana, domin rage yiwuwar ratsawa. Daga mako na 18 ana iya ɗibar ruwan mahaifa a yi gwajin PCR mai gano ko ƙwayar na cikinsa, ana kuma bin jariri da hoton ciki. Idan ya kamu sai a koma firimetamin da salfadayazin tare da folinik asid mai kare ɓargo, jaririn kuma a ci gaba da yi masa magani tsawon shekara bayan haihuwa. Firimetamin ba a shan sa a watanni ukun farko, kuma Fansida da ake ba ku wajen awo don zazzaɓin cizon sauro ba ya maye gurbin wannan magani, don haka kada ki sayi komai da kanki.

Game da ɓarin da kika yi, toksoplasma ba ta cikin abubuwan da ke jawo ɓari a kai a kai, tun da sau ɗaya ake kamuwar farko. A binciki wasu dalilan, kamar ciwon suga, matsalar maƙoƙo da yanayin mahaifa.

Tambaya: Likita, ƙanena yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ya daina shan magani kusan shekara. Yanzu yana ciwon kai, yana ruɗewa, hannunsa na dama ya yi sanyi, jiya kuma ya yi jijjiga. A gida ana cewa iska ce. Daga wani ɗan'uwa a Jos.

Amsa: Malam, ku kai shi babban asibiti yau, kada ku kwana. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su biyun. Duk wanda ya taɓa kamuwa da toksoplasma, ƙwayar tana nan kwance a ƙwaƙwalwarsa da tsokarsa, garkuwar jiki ce ke danne ta. Idan ƙwayoyin garkuwa da ake kira CD4 suka faɗi ƙasa da 100, sai ta farka ta yi ƙuraje a cikin ƙwaƙwalwa, kuma alamomin da ka lissafa su ne ainihin yadda take zuwa. Haka take yi wa wasu masu shan maganin cutar daji da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Tarin fuka na ƙwaƙwalwa, sanƙarau da wani nau'in cutar daji su ma suna iya kama da wannan, shi ya sa za a auna CD4, a duba IgG, a kuma yi hoton kai na CT idan da hali, inda ƙurajen kan fito kamar zobba.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne wannan cuta tana jin magani. Ana ba da firimetamin da salfadayazin da folinik asid na aƙalla mako 6, inda kuma babu su ana amfani da kotirimokzazol, wato Saftirin, a ma'auni mai yawa da likita zai lissafa bisa nauyinsa. Yawanci cikin mako 2 ake ganin sauƙi, idan kuma ba a gani ba sai a sake neman wani dalilin. Ku gaya wa likita gaskiyar cewa ya daina maganinsa, domin shi zai zaɓi ranar da za a mayar da shi kai bayan an fara maganin ƙwaƙwalwar, kuma ku faɗa idan ya taɓa yin ƙuraje bayan shan Saftirin ko Fansida. Bayan ya warke zai ci gaba da maganin kariya kullum har sai CD4 ɗinsa ya haura 200 ya zauna a haka fiye da wata 6, likitansa ne kuma zai ce ya daina. Allah ya ba shi lafiya.