Sauya lokacin aiki: shin imel ɗaya ya wadatar?

Tambaya: Barista, ni ce mai kula da ma'aikata a wani kamfanin rarraba kaya a Kano. Muna aiki daga ƙarfe 8 zuwa 4, yanzu maigidan yana so a koma 9 zuwa 6. Ya ce in tura wa kowa gajeren imel, shi ke nan. Akwai matsala?

Amsa: Hajiya, akwai. Ƙirga da kanki: 8 zuwa 4 awa takwas ne, 9 zuwa 6 kuwa tara. An ƙara wa mutane awa guda ke nan kullum, albashi kuma yana nan yadda yake.

Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce ana tsayar da lokacin aiki ne ta hanyar amincewar ɓangarorin biyu, ko yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago, ko hukumar tsara albashi. Abin da ya haura wannan lokaci aikin ƙari ne. Imel sanarwa ce kawai, ba ya zama amincewar ma'aikaci.

Don haka fara ɗauko takardun ɗaukar aiki. In an rubuta cewa kamfani na da ikon sauya lokaci, kuma kuka tsaya a awa takwas, misali 9 zuwa 5, imel ya isa. Sashe na 7 yana buƙatar a sanar da ma'aikaci a rubuce cikin wata guda bayan sauyin, amma ni shawarata ku ba da mako biyu kafin a fara, saboda masu ɗauko yara daga makaranta da Islamiyya. In kuwa an rubuta 8 zuwa 4 ƙarara, ko maigidan ya nace sai 6, to sai kowa ya sa hannu, a kuma daidaita kan kuɗin awar da aka ƙara. Wanda aka tilasta wa zai iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kada ki sakankance don dokar ba ta shafi manyan jami'ai ba. Takardar ɗaukar aikinsu ma hujja ce a wannan kotu.

Ga yadda zan rubuta imel ɗin, in kun tsaya a 9 zuwa 5:

"Assalamu alaikum. Daga ranar Litinin ta farko a wata mai zuwa, za a riƙa buɗe ofis ƙarfe 9 na safe, a tashi 5 na yamma. Hutun awa guda na salla da cin abinci yana nan, haka tsarin Juma'a. Albashi bai sauya ba. Mai uzuri ya same ni kafin ƙarshen wannan mako. Don Allah kowa ya amsa cewa ya gani."

Kada ki taɓa wannan hutu, domin doka ta wajabta shi ga mai aikin awa shida ko fiye a rana. Direbobi da masu gadi da ba sa duba imel, a buga musu a takarda su sa hannu, ki ajiye kwafi a fayil ɗin kowa.