Goggo, da gaske Sarauniya Amina tana kashe maza?

"Goggo, muna son sa wa jaririya Amina saboda Sarauniya Amina, sai surukata ta ce wai duk garin da ta ci sai ta kwana da namiji ta kashe shi da safe. Gaskiya ne? A al'ada ana gudun sunan?"

Oh ni jikar mutum huɗu! Sunan mahaifiyar Manzon Allah (SAW) ne za a guda? Ku yaran yanzu sai ku ɗauko suna a waya, ba ku tambayi manya ba sai ana gobe suna.

Muna 'yan mata, wata Sallah muka hau ganuwa wajen Ƙofar Wunti kallon dawakai, ƙasar duk ta zaizaye, zanena sabo ya yi ja wur. Wani tsoho mai goro ya ce mu sauka, ganuwar Amina ce, aljanunta na nan. Kakanmu Malam yana kan buzunsa muka kawo masa labari, ya yi dariya har carbinsa ya faɗi, ya ce wannan ganuwar ta Malam Yakubu ce da ya kafa garin nan na Bauchi a 1809, Amina kuwa ta riga shi da ɗaruruwan shekaru. Ya ce ji-ta-ji-ta ba ta raba gado, a kawo takarda.

To takardun da na sani, na koyar da su ma a firamare. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a littafinsa Infaƙul Maisuri wajen 1812 cewa ta ci Katsina da Kano suna kai mata haraji, ta yaƙi ƙasashen Bauchi, ta rasu a Atagara, amma fa Bauchin da yake nufi ƙasashen kudu da Hausa ne, ba garinmu ba. Tarihin Kano kuma ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Nupe ya aiko mata babanni 40, wato dandaƙaƙƙun bayi, da goro 10,000. Sai ki duba jerin sarakunan Zazzau, babu sunanta sam, Bakwa Turunku da ake cewa ita ta haife ta ce a ciki, ita kuma a 1536. Kin ga tazarar shekara ɗari kenan, har yau masana ba su daidaita ba, kuma duk waɗanda suka rubuta ɗin ba wanda ya yi zamani da ita.

Zancen kashe mazan nan babu shi a Bello, babu a Tarihin Kano, hirar dare ce. Kakarmu ma takan ce in mace ta gagari maza, sai su bi ta da baki.

Surukarki dai kar ki yi musu da ita, kina jego. Kuma ina ragon, an saya ko sai Malam ya zo raɗa suna za a fara neman kuɗi?