Makirfo zan saya ko soson bango? Ɗaukar murya mai tsafta da waya a cikin ɗaki

*"Malam, ina ɗora murya a kan gajerun bidiyo da wayata, amma kullum sai ta fito kamar a cikin banɗaki na yi magana. Kuɗin abu ɗaya gare ni: makirfo zan saya ko soson nan da ake mannawa a bango?"*

Malama, ki riƙe kuɗinki tukuna. Abin da kike ji ɗakin ne, kuma makirfo mai tsada yana iya ƙara fito da shi fili. Idan kika yi magana, muryarki tana isa ga waya ta hanya biyu. Akwai wadda ta tafi kai tsaye daga bakinki, akwai kuma wadda ta bugi bango da silin da tayil ta dawo a makare da ɗan ƙanƙanin lokaci. Kunnenki ya saba tace ta biyun, shi ya sa ba kya jin ta a zaune. Makirfo kuwa ba ya zaɓe, duk abin da ya iso yana kwashewa. Aikin gaba ɗaya shi ne a ƙara ta farko a rage ta biyu.

Fara da tazara, domin ita ce mafi ƙarfin tasiri kuma ba ta cin ko sisi. Mu ɗauka kin jingine wayar a kan tebur, santimita 60 daga bakinki, kamar yadda yawancin mutane suke yi. Duk lokacin da kika rage tazarar da rabi, muryar da ke zuwa kai tsaye tana ƙaruwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, ita kuwa amsa-kuwwar ɗakin tana nan kusan yadda take. Daga 60 zuwa 30 kin samu 6, daga 30 zuwa 15 kin ƙara 6. Desibel 12 ke nan muryarki ta tsere wa ɗakin, ba ki rataya ko ƙyalle ba. Saboda haka ki ajiye wayar kamar ɗani ɗaya daga baki, tsakanin santimita 15 zuwa 20. A yawancin wayoyi babban makirfon yana can ƙasa, ƙaramin rami kusa da inda ake sa caja, sai ki juyo wannan gefen ya fuskance ki, ki kuma tabbata rigar wayar ba ta toshe shi ba. Kada ki saita shi daidai da tsakiyar leɓe. Ki karkatar da shi gefe kaɗan, yadda iskar da ke fita da "f" da "b" da "t" za ta wuce ta gefensa. Idan kin matso ƙasa da santimita 10, za ki fara jin bugun iska da motsin harshe, alamar kin wuce gona da iri ke nan.

Bayan tazara sai bargo. Ki tsaya a inda za ki zauna ki tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ki saurara. Idan tafin ya bar wani ɗan zirin ƙara mai karkarwa a bayansa, bango biyu da ke fuskantar juna ne suke jefa wa juna sauti. Wannan gwajin za ki riƙa maimaitawa bayan kowane abin da kika rataya, har tafin ya zama gajere, ya mutu nan take.

A nan ne nake so ki fahimci dalilin da ya sa ban ba ki shawarar soso ba. Abu mai laushi yana shanye sauti sosai ne idan kaurinsa, ko tazararsa da bango, ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon zangon sautin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Siririn soso mai kaurin santimita 2.5 da aka manna a bango, aikinsa na gaske yana farawa ne daga wajen 3,400 Hz zuwa sama a ma'aunin kauri da sirantar sauti, wato sirarin sauti irin na "s" da "sh". Amma gangar jikin muryar mutum, wadda ke sa a ji kamar cikin akwati aka yi magana, tana ƙasa da haka nesa, a ɗaruruwan Hz. Sai mutum ya cika bango da soso, ya kashe hasken muryarsa, ya bar kumburin yana nan. Bargo mai nauyi da aka rataya santimita 15 nesa da bango kuwa, aikinsa yana saukowa har wajen 600 Hz. Wannan ratar iskar da ke bayansa ita ce sirrin, kuma na ga mutane da yawa suna asarar ta domin sun buga bargon da ƙusa ya lafe a jikin bango. Ki ninka shi biyu, ki bar shi ya yi lanƙwasa kamar labule, kada ki miƙe shi tsaf.

Ga yadda zan shirya ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon 4, mai tayil da bango tsirara. Ba zan zauna a tsakiyar ɗakin ba, ba kuma zan kutsa cikin kusurwa ba, domin sauti mai kauri yana taruwa a kusurwa. Zan buɗe durowar kayan sawa in fuskance ta, tufafin da ke rataye su zama su ne a gabana, wayar tana tsakanina da su amma ba a cusa ta ciki ba. A bayana, kamar rabin mita daga kafaɗa, zan ɗaura igiya in rataya bargo mafi kauri da nake da shi. Idan akwai na biyu, ya tafi gefen da bango ya fi kusa. A ƙasa kafet ko wani bargon. Makirfon waya yana ɗaukar sauti daga kowane ɓangare, don haka gaba da baya duk sai an kula da su. Idan dole sai da tebur, a shimfiɗa masa tawul mai kauri, a ɗaga wayar sama da shi, domin sautin da ya bugi tebur ya shiga makirfo yana sa murya ta yi wani irin sirantaka kamar ta cikin bututu.

Wasu za su ce ki lulluɓa da bargo gaba ɗaya ke da wayar. Yana aiki ga jimla biyu ko uku ta gaggawa. Ga karatu mai tsawo kuwa ban yarda da shi ba: zafi zai sauya numfashinki, bargon zai riƙa gogar gashi da kafaɗa makirfo yana ɗauka, muryar kuma takan fito a daƙushe. Idan za ki yi, ki ɗora shi a kan kujeru biyu ya zama rumfa yadda ba zai taɓa ki ba. Kwalin ƙwai kuma ki manta da shi, siriri ne, kamanninsa kawai ya yi da soson situdiyo.

To ina kuɗin za su? Ki sayi ƙaramin marikin waya mai ƙafa uku, domin riƙe waya a hannu yana shigar da motsin yatsu kuma tazara tana sauyawa a kowace jimla. Ki ƙara da ragar tare iska da ake sawa gaban makirfo, ko ki ɗinka siririyar safa a kan zoben ƙarfe, aikinsu ɗaya. Sai abin saurare na kunne mai igiya, domin lasifikar waya ba ta fito da amsa-kuwwa ko gurnani mai kauri sosai. Idan an jima aiki ya bunƙasa kika tashi sayen makirfo, ki nemi nau'in da aka rubuta wa `dynamic` da `cardioid`, wanda ake magana daf da shi kuma yake ƙin sautin da ke bayansa. Ya fi dacewa da ɗakin gida a kan `condenser`. Ranar da kika same shi, bargon da ke bayanki zai ƙara muhimmanci, tunda can ne makirfon yake kallo.

*"Ni matsalata ƙarar motoci da ta maƙwabta. Bargo nawa zan rataya su daina shigowa?"*

Ɗan'uwa, ko goma ka rataya ba za su tare gurnanin mota ba, kuma gara ka ji haka tun kafin ka saya. Bargo yana rage sautin da ke yawo a cikin ɗaki. Tare na waje kuwa sai da nauyi da toshe kafa: bango mai kauri, ƙofa mai nauyi, taga da ke rufuwa ruf. Abin da ke hannunka shi ne ka zaɓi ɗakin da ya fi nisa da titi, ka nannaɗe tawul ka toshe ƙasan ƙofa, ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki na tsawon ɗaukar, ka kuma lura da sa'ar da unguwa ta fi yin tsit. Matsowa kusa da waya da na faɗa a sama yana taimaka maka kai ma, domin muryarka tana rinjayar ƙarar waje da wannan lissafin.

Kafin ka fara magana ka ɗauki daƙiƙa 10 na shirun ɗakin. Za ka ji abin da ya rage, kuma da shi `Noise Reduction` na manhajar gyaran sauti Audacity zai koyi ƙarar da zai cire. Wannan yana aiki ne ga ƙara mai ɗorewa irin shuuu na fanka. Hon ko kukan yaro kuwa, ka dakata ka sake jimlar. Kada ka matsa tacewar da yawa, in ba haka ba muryar za ta riƙa rawa kamar ta ƙarƙashin ruwa. `High-Pass Filter` a 80 Hz yana zubar da gurnani mai kauri ba tare da ya taɓa yawancin muryoyi ba.

*"Na ɗauka da kyau, amma da na tura wa mai haɗa bidiyo sai ya ce ta lalace."*

Mai yiwuwa a saƙon murya na WhatsApp ka ɗauka, kuma wannan matsatstsen sauti ne da aka yi domin hira. Ka ɗauka da manhajar rikodin da ke ba da fayil nau'in `WAV` a 48 kHz, wanda shi ne aka saba amfani da shi a bidiyo, sannan ka tura fayil ɗin a matsayin `Document`. Idan manhajar tana nuna ma'aunin ƙarfi, ka bar kalmarka mafi ƙarfi ta tsaya wajen -6 dB, wato desibel 6 ƙasa da 0. Duk abin da ya bugi 0 ya tsage, kuma babu gyaran da zai dawo da shi yadda yake. Ka sa wayar a `Airplane mode` kada kira ya katse ka, ka cire ta daga caja domin wasu cajoji suna shigar da zuuu, ka kuma tabbata ba ta haɗe da abin kunne na Bluetooth ba, don wayar tana iya komawa kan ƙaramin makirfonsa ba ka sani ba.