Lissafin kuɗin shagon ɗinki wata-wata

"Lokacin biki aiki har ya yi mini yawa, bayansa kuma haya ta gagare ni. Ya zan tsara lissafin?"

Ɗan'uwa, rubuta kuɗi a watan da ya shigo hannunka, ba watan da ka karɓi aikin ba. Misali ɗinkin 100,000, an ba ka kafin alƙalami 40,000 a Maris, cikon sai Afrilu. Idan zare, leburanci da haya sun ci 55,000 a Maris, kana da giɓin 15,000 duk da shago ya cika da kaya. Nan mutane ke ruɗewa.

Ragowar kowane wata ka buɗe na gaba da ita, har wata 12. Inda ta koma ƙasa da sifiri, adadin nan za ka ware daga cinikin biki. Masu jinkirin karɓar kaya kuwa, tura cikonsu wata ɗaya gaba.