Takardar neman rance mai shafi ɗaya: lissafin kajin ƙwai 500

Maigida, na gama gyara ɗakin nan da ke bayan gidanmu, kuma zai ɗauki kajin ƙwai 500. Na je banki neman rance, sai jami'in ya ce in kawo masa tsarin kasuwancina a shafi ɗaya tak. Na rubuta har sau uku, kullum sai ya haura shafi huɗu, kuma ban san abin da zan cire ba. Me ya kamata ya shiga takardar?

Yarona, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Kafin ka sake ɗaukar biro, ka tuna cewa jami'in da zai karanta takardarka ba mai kiwon kaji ba ne, kuma tambaya ɗaya ce a ransa: da wane kuɗi za ka biya, kuma a wane wata? Duk jumlar da ba ta taimaka wajen amsa wannan tambaya ba, ita ce za ka cire. Na ga abin da ka rubuta, inda shafi guda cur ya tafi a kan amfanin ƙwai ga jikin ɗan Adam da yawan jama'ar Najeriya. Gaskiya ne duk, amma babu kwamitin rance da zai saki kuɗi saboda su.

Saman takardar ba ya bukatar fiye da layi biyar ko shida. Ka rubuta sunanka da sunan gonar, lambar rajistar kasuwanci ta hukumar CAC in ka yi, inda ɗakin yake da girmansa, da kuma cewa ka yi shekara huɗu kana aiki a gonar da ke da kaji dubu uku, inda kai ne ke riƙe da littafin abinci da na ƙwai. Nan take, a layi na gaba, ka faɗi adadin kuɗin da kake nema da tsawon lokacin biya, kada ka ɓoye shi a ƙasan shafi kamar abin kunya. Lambar BVN da bayanan asusunka na wata shida ko shekara za su nema dabam, don haka daga yau duk kuɗin da ya shigo hannunka ka bi da shi ta asusu.

Yanzu sai mu zauna a kan lissafi, domin shi ne zai cinye rabin shafin. Farashin da zan yi amfani da shi misali ne kawai. Kai kuma ranar da za ka rubuta, ka je wurin dilan abinci da mai sayar da 'yan kaji ka karɓo farashin ranar a rubuce, ka maƙala a bayan takardar.

Mu ce za ka sayi 'yan matan kaji masu mako 16, waɗanda suka kusa fara ƙwai, a kan naira 7,000 kowace ɗaya. Guda 500 sun kama naira 3,500,000. Kaza takan fara saka ƙwai tsakanin mako 18 zuwa 20, kuma ƙwan farko ƙanana ne da ba su da daraja a kasuwa, saboda haka ka ɗauka cewa wata biyu za ka yi kana ciyarwa ba tare da wani kuɗin kirki ya shigo ba. A wannan lokaci kowace kaza za ta ci kusan giram 100 a rana, wato kilo 50 ke nan ga duka garken, ko buhu biyu mai kilo 25. A kwana 60 buhu 120 ne, kuma idan buhu yana naira 15,000, kuɗinsa naira 1,800,000. Ka ƙara naira 200,000 na rigakafi da magani da garin katako. Jimilla naira 5,500,000. Idan ka sa naira 1,500,000 daga aljihunka, ban da ɗakin da mazuban abinci da na ruwa da ka riga ka tanada, abin da kake nema a banki shi ne naira 4,000,000. Ka rubuta rabonka a fili, domin banki ya fi sakin jiki da wanda shi ma zai ji ciwo idan abin ya lalace.

Wannan abincin wata biyu shi ne abin da sababbin masu kiwo suka fi mantawa. Ni da kaina na manta shi a rancena na farko. Na nemi kuɗin kaji kawai, aka ba ni, kaji suka iso, kafin mako na biyar abinci ya ƙare, na koma ina haɗa musu da dusa don ya kai. Suka makara wajen fara ƙwai, kuma har na sayar da su ba su taɓa kai abin da ya kamata su kai ba. Kazar da aka gajarta wa abinci a lokacin da take shirin fara ƙwai, da wuya ta rama daga baya.

Sai lissafin wata ɗaya bayan ƙwai ya kankama. Kada ka lissafa da kaji 500, domin wasu za su mutu, wasu kuma ba za su yi ƙwai ba. Ka lissafa da 480. Kada kuma ka rubuta kashi 90 cikin 100, ko da yake ka ga kajinmu sun kai haka a ganiyarsu, domin ganiyar 'yan watanni ce, daga nan sai ta riƙa sauka a hankali. Ka sa kashi 75 a matsayin matsakaicin shekara. Wannan zai ba ka ƙwai 360 a rana, wato kiret 12 mai ƙwai 30, ko kiret 360 a wata. Ka cire kiret 10 na fasassu da masu tsaga, saura 350. A kan naira 5,000 kowane kiret a bakin gona, kuɗin shiga naira 1,750,000 ne. Kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 120 a rana, kuma abincin ka bar shi a kan kaji 500 saboda wanda ke zubewa da wanda ɓera ke ci, wato kilo 60 a rana, buhu 72 a wata, naira 1,080,000. Albashin yaro ɗaya, magani, ruwa, wuta, kiret na takarda da kuɗin mota, mu ce naira 170,000. Abin da ya rage maka a wata shi ne naira 500,000.

Ka lura da wani abu a nan, wanda nake so ka riƙe a ka ko ba takarda: a wannan farashi, buhu ɗaya na abinci daidai yake da kiret uku na ƙwai. Ke nan cikin kiret 12 da kake kwashewa kullum, fiye da bakwai na dilan abinci ne tun kafin ka fito da su daga ɗaki. Duk ranar da jami'in banki ya tambaye ka yadda gonar take, wannan ma'auni shi ne amsa mafi sauri.

Yanzu mu ce banki ya ce da riba da sauran caji za ka mayar da naira 4,800,000. Idan aka raba shi daidai a wata 12, naira 400,000 ne kowane wata. A takarda ya yi kyau, tunda kana da 500,000. To, amma gwada shi da watan Afrilu. Ka san yadda zafin bazara yake yi wa kaji a ƙasar nan daga Maris zuwa Mayu: su buɗe baki suna haki, su saki fukafukai, su rage cin abinci, ɓawon ƙwai ya yi laushi. Idan ƙwai ya sauka zuwa kashi 65, kiret 302 za ka sayar, kuɗinsu naira 1,510,000, abin da zai rage maka kuma naira 260,000 ne. Ka gaza biyan 400,000 ke nan, ba tare da ka yi wani sakaci ba. Ko ƙwai bai ragu ba, idan buhu ya tashi da naira 2,000, ragowarka ta koma naira 356,000, nan ma ka gaza.

Saboda haka abin da zan so ka roƙa a takardar shi ne tsarin biya da ya bi rayuwar kajin. Ka nemi wata uku na farko a ɗaga maka biya, har ƙwai ya zauna. Daga nan ka biya naira 250,000 a wata har wata 12, wanda ya kama naira 3,000,000. Ragowar naira 1,800,000 kuma ka biya a dunƙule idan ka sayar da tsofaffin kajin. Idan 450 suka kai ƙarshe, aka saye su a naira 5,000, naira 2,250,000 ke nan, ya rufe ragowar har da saura. Ka yi ƙoƙari ka tsara lokacin shigo da su ta yadda fitarsu za ta faɗo gab da Salla ko Kirsimeti, lokacin da tsohuwar kaza take da kasuwa. Ba kowane banki ne zai yarda da wannan tsari ba, amma wanda ya ga ka kawo shi da lissafinsa zai gane cewa ka san aikin. Kada kuma ka yarda rancen ya zarce rayuwar garken, domin kaza takan yi ƙwai mai riba na kimanin shekara ɗaya da 'yan watanni ne, kuma biyan bashin kajin da aka riga aka yanka da kuɗin sababbi shi ke durƙusar da ƙananan gonaki. Idan bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa za ka je, irin su Jaiz, lissafin bai canja ba, sai dai a tsarin murabaha su ne za su sayi kajin da abincin su sayar maka da ribar da aka amince, don haka takardun farashin nan sun zama dole.

Kasuwa layi uku ta ishe ta, amma su zama layuka masu suna. Maimakon ka ce akwai bukatar ƙwai sosai a gari, ka rubuta cewa dillaliya wance za ta ɗauki kiret 40 a mako, masu shayi shida na bakin tasha za su ɗauki kiret 30, gidan burodi kuma 10, sannan ka sa lambobin wayarsu da izininsu, domin ana iya kiransu. Ka faɗi wanda ke biya nan take da wanda ke biya bayan mako. Kuɗin kashin kaji da masu noman rani ke saye kada ka sa shi cikin lissafin biya, ka bar shi ya zama abin toshe ɓaraka.

A ƙasan shafin ka ambaci haɗari a taƙaice, ka kuma faɗi abin da ka tanada. Za ka karɓi katin rigakafin kajin daga wanda ya rene su, ka tabbatar an yi musu na cutar Gumboro da na cutar Niyukasul, sannan ka ci gaba da maimaita Lasota, wato rigakafin Niyukasul, bisa jadawalin da likitan dabbobi ya ba ka. Murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna, maganinta a wurinka shi ne hana baƙi da kiret ɗin wasu gonaki shiga ɗaki, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa. Ka rubuta cewa a shirye kake ka yi wa garken inshora a hukumar inshorar noma ta NAIC, domin bankuna da yawa sukan sa shi cikin sharuɗɗa. Layi na ƙarshe shi ne jingina ko masu tsaya maka. Ka sa sunana a matsayin ɗaya, na biyun kuma ka nemi kawunka, tunda yana da albashi a asusu. Ka je ka karɓo farashin yau, ka sake lissafin da hannunka, ka kawo mini ranar Alhamis bayan La'asar mu duba tare kafin ka kai a buga.