Mahaifiyarta ta ce wutar shekararta za ta narka ƙarfen tawa

Tambaya: Malam, ina fatauci a Guangzhou, na kuma nemi auren wata 'yar Sin da ta musulunta. An haife ni a Yunin 1990, ita a Agustan 1996. Mahaifiyarta ta karɓi ranar haihuwata ta kai wa mai duba, ya ce ni doki ne ita ɓera, kuma wutarta za ta narka ƙarfena. Ni ban gaskata ba. Wani ɗalibin ilimi ya ce babu laifi in biya wani mai duban ya sake lissafin don hankalin uwar ya kwanta. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya tabbatar da ita a kan Musulunci.

Bari mu fara da abin da aka lissafa maka. Sinawa suna da dabbobi 12 da ke zagayawa a kan shekaru, sai suka ɗora musu abubuwa biyar, kowanne ya riƙe shekara biyu a jere. Shekarar da ta ƙare da 0 ko 1 ƙarfe ce, 2 ko 3 ruwa, 4 ko 5 itace, 6 ko 7 wuta, 8 ko 9 ƙasa. Kai dokin ƙarfe ke nan, ita ɓeran wuta. Doki da ɓera a wurinsu masu karo ne, sai su duba abubuwan biyar su ga ko za su sassauta hukuncin. Idan ɗaya yana ciyar da ɗaya, kamar yadda itace ke ciyar da wuta ko ƙasa ke fitar da ƙarfe, sai su ce da sauƙi. Idan yana rinjayarsa, kamar ruwa da wuta ko wuta da ƙarfe, sai su ce abin ya munana.

Ka lura da wani abu. Duk mutum biyun da shekarunsu na Sin ke da ratar shida, dabbobinsu sai sun yi karo, kuma na ƙarami sai ya rinjayi na babba. Gwada 1984 da 1990: ɓeran itace da dokin ƙarfe, ƙarfe ya sare itace. Ashe mutumin bai san komai game da kai ba, ratar shekarunku kawai ya ƙirga. Haramcin zuwa wurin mai duba kuwa babu saɓani a kansa.

Ranar haihuwar da ka bayar, in ba ka san inda za a kai ta ba, babu komai a kanka. Inda hukuncin ya juya shi ne cewa yanzu da ƙafarka za ka je, da kuɗinka.

Shawarar ɗalibin nan ba na tare da ita, ko da ya kira ta maslaha. Na san abin da yake hange: akwai wani lissafi da suke kira nayin, wanda a cikinsa 1990 ƙasa ce, 1996 ruwa. Ƙasa tana tare ruwa, sai rinjayen ya koma hannun miji, wasu masu duba kuma suna ganin hakan ya fi sauƙi. Shekarun ba su canja ba, amma amsar ta kife. Sai dai hadisin da Muslim ya ruwaito ya rataya rashin karɓar sallar kwana 40 a kan zuwa da tambaya. Malamai sun keɓe wanda ya je don ya tona asirin boka, kai kuwa za ka je ne ka sayo hukuncinsa ka kafa hujja da shi. Ba fata nagari ba ne kuma, domin fata nagari kalma ce mai daɗi da mutum ya ji ba tare da ya nema ba. Sannan ka duba gaba: ranar da ka ci nasara da lissafi, ka sallama cewa lissafi ne alƙalin gidanka. Gobe shi zai zaɓi ranar ɗaurin aure, jibi a ce jaririnku ya rasa ruwa sai an sa masa suna mai ruwa. Da wane baki za ka ƙi? Wannan fatawar nake bai wa namu masu buga hisabin sunan ango da amarya, babu bambanci.

Yarinyar ta fi damuna. Sabuwar musulunta ce, ta taso tana jin waɗannan maganganu. In kuka yi faɗan farko, zuciyarta na iya raya mata cewa maganar mai duba ce ta tabbata. Ka zaunar da ita, ku yi lissafin ratar shidan nan tare ta gani da idonta. Uwar kuma tsoro take ji wa 'yarta, kada ka yi mata izgili. Ka nuna mata inda za ku zauna, da abin da kake samu, da yadda za ta riƙa ganin 'yarta.

Ba ka tambaya ba, amma in mahaifinta ba Musulmi ba ne, ba shi da walicci a kanta. Ku je wurin limami, kamar na masallacin Huaisheng nan cikin garin, ya tsaya mata. Ku yi istihara ku biyun. Wallahu a'alam.