Na sayi masara don kowa na saye, yanzu ta faɗi

Tambaya: Malam, ni kayan masarufi nake sayarwa. Da kaka na ga duk 'yan layinmu suna sayen masara suna ajiyewa, ni ma na ɗauki buhu 100 a kan naira 60,000 kowanne. Yanzu 40,000 ake tayawa. Zuciyata ta ƙi yarda in sayar sai ta dawo kuɗinta. Mene ne shawararka?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abu biyu ne suka same ka, ɗaya ya shigar da kai, ɗayan kuma shi ke riƙe da kai yanzu.

Na farko shi ne bin yarima a sha kiɗa. Idan masu ajiya suka yi yawa a kaka, sayensu ne da kansa ke ɗaga farashi, ba buƙatar masu ci ba. Kowa ya ga tashin sai ya ɗauka hujja ce, ya ƙara saye. Amma dukkanku lokaci ɗaya kuke jira ku fitar da kaya, kuma ranar da rumbunan suka buɗe tare, mai saye ne ke yanka farashi. Haka ta faru a kasuwar hannun jari ta Najeriya: har bashin banki mutane suka riƙa ci suna sayen hannun jari, ma'aunin da ke nuna hawa da saukar farashi a kasuwar ya haura maki 66,000 a watan Maris na 2008, bayan shekara guda ya koma kusan 20,000. Alamar gane wannan tarkon ita ce ka tambayi mai saye don ajiya dalilinsa. In amsarsa ba ta wuce "wane ya samu bara" ba, to bai duba yawan amfanin gona ba, bai kuma duba kayan da ake shigowa da su ba.

Na biyun ne ya fi damuna, domin shi ke cin kuɗinka a yau. A 1979 masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar mutum, binciken da ya biyo baya ya kimanta shi da kusan ninki biyu. Shi ya sa mutum ke saurin sayar da kayan da suka ɗan hau, ya rungume wanda ya faɗi, don in bai sayar ba yana jin kamar bai yi asara ba tukuna. Alhali an riga an yi ta. Ka zuba miliyan 6, abin da ke rumbunka yau miliyan 4 ne, ko ka sayar ko ka bari. Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba.

Mu yi lissafin jiran. Daga 40,000 zuwa 60,000 sai masara ta hau da kashi 50 cikin ɗari, ko da yake faɗuwar kashi 33 ce kawai. Jiran kuma ba kyauta ba ne. Akwai hayar sito, da maganin ƙwari, da nauyin da buhu ke ragewa in gunda ta shiga. Mafi girma shi ne kuɗin da ka ɗaure. A ce shagonka na ba ka ribar kashi 3 cikin ɗari a wata: miliyan 4 za ta kawo 120,000 duk wata, wato 720,000 a wata shida. Ke nan ko buhu ya kai 47,000 bayan wata shida, ba ka fi wanda ya sayar yau ba, tun kafin a cire kuɗin sito.

Ga tambayar da za ka yi wa kanka, ka kuma amsa ta tsakani da Allah: da miliyan 4 ce tsaba a hannuna yau, zan sayi masara buhu 100 a 40,000? In amsar a'a ce, ba ka da dalilin riƙe ta. In e ce, kawo dalilin da ba shi da alaƙa da 60,000 ɗinka, kamar cewa saura wata huɗu sabuwa ta shigo, ko kamfanonin abincin kaji sun dawo saye a Dawanau. Ban ce ba za ta hau ba, tana iya hawa. Amma duk kusantar kaka, damar hawan na raguwa.

In sayar da duka ya yi maka nauyi, fitar da buhu 50 yanzu ka mayar da kuɗin shago. Sauran 50 ɗin ka rubuta musu sharaɗi a littafinka tun yau: farashin da in ta hau za ka sayar, farashin da in ta sauka za ka haƙura, misali 35,000, da ranar ƙarshe, wata guda kafin sabuwar masara. Ka nuna wa wani amininka da ba shi da buhu ko ɗaya a ajiye, ka ba shi izinin tuna maka in ranar ta zo.